Yatsu Uku, Maɓalli Biyu: Abin da Ke Sa Kibod Ta Yi Kunnen Uwar Shegu

Mai wasan tseren mota a kwamfuta ya danne kibiyar sama don motar ta yi gudu, ya haɗa da kibiyar hagu don shan kwana, sai ya kai babban yatsa kan dogon maɓallin nan na ƙasa don taka birki. Motar ba ta tsaya ba, ta je ta daki bango. Ya saki sauran maɓallan ya danna na birkin shi kaɗai, ya ga yana aiki lafiya ƙalau. Wannan haɗin na kibiyar sama da ta hagu da Space ya yi suna wajen ƙin aiki a kibod masu araha da dama, kuma mafi yawan waɗanda abin ya faru da su sukan ɗora laifin a kan ƙura, ko wasan, ko tsufan kwamfutar. Alhali kibod ɗin lafiyarta lau. Tun daga masana'anta aka shirya ta ta yi hakan.

Dalilin yana cikin yadda aka ja wayoyinta. Cikakkiyar kibod tana da maɓallai 104 ko kusa da haka. Da za a ba kowanne wayarsa ta kansa zuwa ɗan ƙaramin cif ɗin da ke kula da ita, da sai an nemi cif mai ƙafafu fiye da ɗari, kuɗin kuma ya tashi. Sai injiniyoyi suka bi hanya mai sauƙi: suka jera layukan lantarki a tsaye, suka gitta wasu a kwance, suka ɗora kowane maɓalli a mahaɗar layi biyu. Layuka 18 a tsaye da 8 a kwance suna ba da mahaɗa 144, da wayoyi 26 kacal. Wanda ya taɓa kwance kibod ta ofis zai ga waɗannan layuka da idonsa, an zana su da ruwan azurfa a kan wasu siraran ledoji biyu, da leda ta uku mai hujoji a tsakaninsu. Danna maɓalli yana matse ledar sama ta taɓa ta ƙasa ta cikin hujin, layi biyu su haɗu.

Cif ɗin ba ya jiran maɓalli ya yi masa magana. Shi ke zagayawa. Yakan saki wuta a layin tsaye na farko, ya duba ko ta ɓullo a wani layin kwance, ya ɗauke ta, ya koma layi na biyu, haka har ƙarshe, sannan ya sake daga farko, sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda. Idan ya saki wuta a layin tsaye na biyu ta fito a layin kwance na ɗaya, ya san maɓallin da ke wannan mahaɗa aka danna. Da maɓalli ɗaya babu ruɗani. Da biyu ma babu, ko a ina suke.

A na uku ne ake samun matsala. A ɗauka, don misali kawai, cewa maɓallai huɗu suna zaune haka a cikin wayoyin wata kibod:

```
Q  W
A  S
```

Q da W suna kan layin kwance ɗaya, A da S suna kan na biyu. Q da A suna tarayya a layin tsaye ɗaya, W da S a ɗayan. Mutum ya riƙe W da A, sannan ya ƙara da Q. Cif ya saki wuta a layin tsaye na W da S. Wutar ta bi ta W ta shiga layin kwance na sama, wannan daidai ne. Amma ba ta tsaya nan ba. Tunda Q ma a danne yake, sai ta bi ta cikinsa da baya ta faɗa layin tsaye na farko, daga can ta bi ta A ta ɓullo a layin kwance na ƙasa. Kamar ruwan lambu ne da aka sako wa fangali ɗaya, ya sami bakuna uku a buɗe, ya zagaya ta baya ya jiƙa na huɗu wanda ba a buɗe masa ba. Abin da cif ya gani shi ne ya saki wuta a layin tsaye na biyu ta fito a layin kwance na biyu, kuma a lissafinsa wannan S ne. Sai harafin S ya bayyana a allo ba tare da yatsa ya taɓa shi ba.

Wannan harafin fatalwa shi ne ainihin abin da masu sana'ar ke kira gostin. Sharaɗinsa ɗaya ne: maɓallai uku su cike kusurwa uku na murabba'i a cikin wayoyin, na huɗu ya fito da kansa.

To amma yau da wuya mutum ya ga fatalwar da idonsa, domin masu ƙera kibod sun daɗe da toshe ta, ta hanyar da ba ta cin ko kwabo. Sun koya wa cif ɗin cewa duk lokacin da ya ga kusurwa huɗu sun cika, kada ya yarda da sabon maɓallin da ya shigo, tunda ba zai iya bambance na gaske da na ƙarya ba. Gara a rasa harafi da a ƙirƙiro wanda ba a rubuta ba, musamman idan maɓallin fatalwar zai iya zama Delete. Abin da ya sami mai tseren mota ke nan. Kibod ɗinsa ta yi shiru da gangan don kada fatalwa ta fito. Mutane sun saba kiran wannan shirun ma da gostin, har kamfanoni suka bi su a kan haka, amma abu biyu ne: ɗaya harafi ne ya ƙaru, ɗaya harafi ne aka danne.

Rol'oba kuwa ma'auni ne. Yana faɗin yawan maɓallan da za a iya riƙewa lokaci guda, ko waɗanne ne, kibod ta kai rahotonsu duka daidai. A shafin tallan kaya akan ga 2KRO, ko 6KRO, ko NKRO. Na farko yana nufin an tabbatar da biyu, na biyu shida, na ƙarshe kuma babu iyaka. Kibod mai 2KRO tana iya karɓar maɓallai biyar ko shida a wani haɗin, ta gaza a uku a wani haɗin, domin lambar tana nuna mafi munin hali ne. Shi ya sa mai buga wasiƙa zai shekara bai lura da komai ba. Masu zana wayoyin sukan ware Shift da Ctrl da Alt a layukansu na musamman, su kuma warwatsa haruffan da aka saba bugawa a jere.

Maganin gaskiya ƙaramin abu ne da ake kira dayod, wanda ke barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya, ya hana ta komawa. Idan aka saka wa kowane maɓalli nasa, wutar da ta so bi ta Q da baya sai ta tarar da hanya a rufe, fatalwa ba ta da ta inda za ta fito, cif kuma ba shi da dalilin danne komai. Masu haɗa kibod da hannu sukan yi amfani da dayod mai lamba 1N4148, wanda bai kai ƙwayar shinkafa biyu tsawo ba. Yana da arha, amma ba a iya liƙa shi da sauƙi a kan leda, sai a kan allon lantarki mai tauri, shi ya sa aka fi samunsa a kibod masu tsada waɗanda kowane maɓalli ke da makunninsa. Tsada ko suna kaɗai ba hujja ba ne. Shahararriyar Model M ta kamfanin IBM, wadda ta fito a tsakiyar shekarun 1980 kuma har yau ake yabon daɗin buga ta, leda ce a ƙarƙashinta, biyu kawai take tabbatarwa. Yayarta Model F ta 1981, wadda ke auna sauyin cajin lantarki maimakon haɗuwar waya da waya, ba ta da wannan iyaka.

Akwai kuma shinge na biyu wanda ba ruwansa da wayoyin ciki, wato hanyar da saƙo ke bi zuwa kwamfuta. Tsohon soket mai zagaye na PS/2, wanda IBM ta fito da shi a 1987, yakan aika saƙo ɗaya idan an danna maɓalli, wani idan an saki, don haka bai damu da yawansu ba. Shi kuwa USB yana da wani tsari na asali da aka yi don kibod ta yi aiki tun kafin Windows ko wani tsarin ya tashi. A cikinsa kowane rahoto gurbi takwas ne: ɗaya na Ctrl da Shift da Alt da maɓallin Windows na hagu da na dama, ɗaya an ajiye shi, shida na sauran maɓallai. Daga nan 6KRO ya samo asali. Kibod mai dayod a kowane maɓalli, idan da wannan tsari take magana, za ta tsaya a shida. USB kansa bai hana wucewa ba. Sababbin kibod suna aika wani irin rahoto mai gurbin kowane maɓalli, wasunsu ma da hanyar komawa tsohon tsarin idan tsohuwar kwamfuta ta kasa fahimta.

Su wa ke buƙatar fiye da shida? Ba su da yawa, amma buƙatarsu ta gaske ce. Mutum biyu masu buga wasan ƙwallo a kibod ɗaya suna cinye shida nan take. Manhajar Plover, wadda ake rubutun gaggawa irin na kotu da ita, tana so a danna maɓallai da yawa tare don fitar da kalma guda. Makafi masu shigar da rubutun Braille ta hanyar S, D, F, J, K, L suna buƙatar waɗannan shida su shiga tare, kuma kibod mai danne na uku tana lalata musu harafi, abin da ya fi faɗuwa a tseren mota muhimmanci nesa ba kusa ba.

Mai saye ya yi hattara da rubutun Anti-Ghosting a tallan kibod. Sau da yawa abin da yake nufi shi ne an gyara wayoyin W, A, S, D da 'yan maƙwabtansu don kada su yi karo, sauran kibod ɗin na nan yadda take. Kamata ya yi kamfanoni su riƙa faɗin lambar rol'oba ƙarara, domin ita ce ake iya gwadawa.

Gwajin ba shi da wuya. A buɗe Notepad, a danne Shift na hagu da na dama tare, a buga haruffa daga A zuwa Z. A kibod mai arha wasu haruffan za su ɓace. A yi da hanzari, domin riƙe Shift na dama daƙiƙa takwas yana tayar da Filter Keys a Windows. Idan maɓalli ya ƙi aiki shi kaɗai, datti ne ko lalacewa. Idan yana aiki shi kaɗai amma yana mutuwa a cikin wani haɗi na uku ko huɗu, wayoyin ciki ne, kuma babu manhajar da za ta gyara su. Idan kowane shida suna shiga na bakwai ne ke faɗuwa, iyakar USB ce. Wanda matsalarsa ta tsakiya ce, kuma ba shi da kuɗin sabuwar kibod, sai ya shiga saitin wasan ya mayar da birki kan Ctrl ko Shift, tunda yawanci su ne aka ja wa layinsu daban.