Shin Ko Kun San? Sirrin Raba Gudun Marathon Gida Biyu

Shin ko kun san gudun marathon kilomita 42.195 ne, kuma masu horar da 'yan tsere raba shi suke yi gida biyu su duba agogo? Wani ɗan tseren yakan riƙe sauri ɗaya daga tashi har ƙarshe. Wani kuma ya fara da lallaɓawa, sai an wuce rabi ya saki ƙafa, rabin ƙarshe ya fi na farko sauri. Wanne ya fi? Ku biyo mu ku sha mamaki!

Mu fara da Mary Keitany 'yar Kenya. A New York a 2011 ta fita kamar an harba kibiya, ta cinye rabin farko a awa 1 da minti 7 da daƙiƙa 56. Ta bar sauran mata a baya da tazarar fiye da minti 2. Sai ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Rabi na biyu ya ci mata kusan awa 1 da minti 16, mata biyu suka wuce ta, ta ƙare ta uku.

To ku ji 2018. Mace ɗaya, hanya ɗaya, amma ta juya lissafin. Rabin farko 1:15:50, tana tafe cikin ayari abinta. Rabi na biyu fa? 1:06:58! Bambancin kusan minti 9 ke nan. Ta lashe gasar da 2:22:48, har ta fi lokacinta na 2011. Irin wannan dabara a gasar da ba a sa masu jan gudu a gaba take ci, inda matsayi ake nema, kowa na gadin kowa, mai sauran ƙarfi a ƙarshe shi ke ɗaukar kambi.

Me ya sa gaggawar farko take cin mutum? Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta, kuma ajiyar ba ta da yawa. Mai azarɓaɓi yakan ƙone ta da wuri, wajen kilomita 30 zuwa 35 sai ya ji ƙafa ta yi nauyi, taki ya gajarce. 'Yan tsere suna ce wa wannan cin karo da bango.

Kun san Kelvin Kiptum? Sau 3 kacal ya yi marathon kafin rasuwarsa a 2024, kuma duk ukun rabin ƙarshe ya fi sauri! A Chicago a 2023 ya yi 60:48, sannan 59:47, ya kafa tarihin duniya da 2:00:35. Amma ku lura, tazarar daƙiƙa 61 ce kawai a gudun awa 2. A ganina wannan ɗan'uwan sauri ɗaya ne, an dai ɗan ƙara masa yaji a ƙarshe.

Sauri ɗaya na gaske kuwa a Vienna aka gan shi, ranar 12 ga Oktoba, 2019. Eliud Kipchoge ya riƙe kusan minti 2 da daƙiƙa 50 a kowace kilomita, ya gama a 1:59:40. Mota ce a gabansa tana haska layi a kan kwalta, masu jan gudu 41 suna karɓa-karɓa! Shi ya sa ba a ƙirga shi a tarihin hukuma ba. Sauri ɗaya yana son shimfiɗaɗɗiyar hanya, sanyin safiya, iska a kwance, da mai gudun da ya san iyakar ƙarfinsa.

Hanya mai tudu da gangare fa? Nan agogo yaudara yake yi. Boston tana farawa da gangara mai daɗi, sai wajen kilomita 32 a tarar da tudun Heartbreak Hill yana jira. Numfashi da ƙoƙari ake daidaitawa a irin wannan hanya, a bar mintoci su hau su sauka. Haka ma a zafi irin na gasar Legas ta watan Fabrairu: rana tana ƙara ɗagawa ana cikin gudu, don haka tun kilomita ta farko ake sassautawa.

Ga lissafin mai neman awa 4. Sauri ɗaya: 5:41 a kowace kilomita. In zai lallaɓa da farko, 5:47 har rabi, wato awa 2 da minti 2, sannan 5:35 zuwa ƙarshe. In ya yi sanyi fiye da haka, bashin da ya ci zai fi ƙarfin gajiyayyun ƙafafu.

Kuma kada ku ɗauka dokar guje wa gaggawar farko ba ta karyuwa. A Berlin a 2022 Kipchoge ya yi rabin farko a 59:51, ya ja baya zuwa 61:18, amma duk da haka ya kafa tarihin duniya da 2:01:09!