Kuɗin Ɗaki a Ƙaramin Otal: Yaushe Ake Ragi, Yaushe Ake Ƙari?

Ɗan kasuwar Kantin Kwari idan bai sayar da shadda yau ba, gobe tana nan a shago. Mai otal ba shi da wannan gatan. Ɗakin da ya kwana babu baƙo, kuɗin wannan daren ya tafi har abada, ga shi kuma ɗakunan ba sa ƙaruwa ranar da baƙi suka yi yawa. Shi ya sa farashi ɗaya tun daga farkon shekara har ƙarshenta yake jawo asara.

A ce akwai otal mai ɗaki 20 a Kano, kuɗin kwana naira 20,000. Kashe kuɗinsa iri biyu ne. Akwai wanda ba ruwansa da zuwan baƙo, kamar albashi da haya da gyare-gyare, a ƙaddara ya kai naira 100,000 kowace rana. Akwai kuma wanda sai baƙo ya shiga ɗaki ake kashewa, wato wankin zanin gado, sabulu, ruwa, wutar esi da karin kumallo, a ce naira 6,000. Ke nan kowane ɗaki da aka kama yana barin naira 14,000, kuma daga nan ake biyan albashi da haya kafin a yi maganar riba.

Da azumi tafiye-tafiye da bukukuwa suna raguwa. A ce ɗaki 8 kaɗai ake kamawa. Ciniki ya zama naira 160,000, a cire 48,000 na hidimar baƙi, saura 112,000. Sai hankalin mai otal ya tashi ya mayar da ɗaki naira 15,000, baƙi suka ƙaru zuwa 11. Ciniki ya hau zuwa 165,000, harabar otal ta ƙara cika, kowa yana ganin kasuwa ta buɗe. Amma yanzu ɗaki naira 9,000 kawai yake bari, sau 11 kuwa 99,000 ne, bai ma kai kuɗin albashi da haya ba. Kafin ragin ya biya kansa sai an kama ɗaki 13. Lissafin da ya kamata a yi tun kafin a taɓa farashi ke nan: ɗaki nawa zan ƙara sayarwa kafin in mayar da abin da na rage?

Kuskuren shi ne an yi wa kowa ragi, har da mutum takwas ɗin da dama za su biya 20,000 ba gardama. Gyaran shi ne ragi mai sharaɗi, ga wanda zai yi kwana uku zuwa sama, ko wanda ya biya tun mako guda kafin zuwansa. Idan takwas ɗin suka biya cikakken kuɗi, sababbi uku suka biya 15,000, abin da ya rage a hannu 139,000 ne.

Da Sallah kuwa, lokacin da baƙi suke zuwa kallon Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, matsalar juyewa take yi. Otal ɗin da ya cika tun saura mako uku ya sayar da ɗakunansa da araha, domin masu zuwa a ƙurarren lokaci su ne suka fi biya. Sai a yi ƙarin mataki-mataki: ɗakuna 8 na farko a 25,000, 8 na gaba a 30,000, 4 na ƙarshe a 35,000. Jimla 580,000 a dare ɗaya, maimakon 400,000. Ko da biyu daga masu tsadar sun kwana a rufe, an samu 510,000.

Abubuwa biyu ne suke kare wannan ciniki. Na farko kafin alƙalami, domin wanda ya kama ɗaki da baki kawai yana iya fasawa bayan an sallami wasu. Na biyu sharaɗin kwana biyu ko uku, kada mai kwana ɗaya ya tare ɗaki a daren tsakiya ya hana wanda zai yi dukan hutun.

Ƙari ma yana da iyaka. Direba ko ɗan kasuwar da yake sauka a otal ɗin duk wata, idan aka ninka masa kuɗi da Sallah, zai nemi wani masauki, alhali shi ne yake riƙe otal ɗin da azumi da damina. Irinsa a yi masa tsayayyen farashi na shekara.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da littafi. Kowane dare a rubuta ɗakunan da aka kama, kuɗin da aka karɓa, ranar da kowane baƙo ya kama ɗakinsa, da yawan waɗanda aka mayar saboda cikowa. Tun da Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, Sallar bana ake gwadawa da ta bara, ba watan Bature da ɗan'uwansa ba. Idan saura mako biyu kuma an kama ɗaki 14 inda bara aka kama 9, lokacin ƙari ya yi. Idan 5 ne kawai, sai a dakata da ƙarin, a leƙa farashin maƙwabta tukuna.