Lissafin Abincin Makaranta

Iyaye, bari mu lissafta abincin da muke haɗa wa yaro kowace safiya. A ce burodi naira 200 ne, dafaffen ƙwai 250, ayaba 100, lemon kwali 300. Jimla 850 ke nan a rana, 4,250 a mako. Zangon karatu na mako 13 kuwa ya kama 55,250.

Lemon kwalin kaɗai ya ci 19,500, fiye da sulusin kuɗin, alhali yawancinsa ruwa ne da sukari. Mu malamai mukan ga yaro ya shanye shi, ya bar ƙwan. In aljihu ya matsa, kada mu cire ƙwai, gama shi ke gina jiki. Mu cire lemon, mu zuba wa yaro ruwa mai tsabta a gora.