Idan Kwastoma Ta Ce a Mayar Mata da Kuɗinta

Mai sayar da atamfa da leshi a WhatsApp ko Instagram ita ce mai saro kaya a Kantin Kwari, ita ce mai ɗaukar hoto, ita ce mai kai saƙo tasha. Don haka idan saƙon murya ya shigo da ƙarfe goma na dare, "Hajiya, wallahi ba wannan kalar na gani a hoto ba", ba ta da wanda za ta tura wa. A nan ake asara, domin hukuncin da aka yanke cikin gajiya ko jin kunya yakan zama ɗaya cikin biyu: ko a mayar da kuɗin da bai kamata ba, ko a yi cacar baki a rasa mai saye.

Maganin shi ne a yanke hukuncin tun kafin ƙorafin ya zo. A rubuta sharaɗi gajere, a riƙa tura shi tare da lambar asusu, kafin a biya: a sanar da matsala cikin kwana 2 da karɓar kaya, a turo hoto ko bidiyo, kuma kada a yanka, a ɗinka ko a wanke. WhatsApp Business yana da Quick replies inda za a ajiye wannan rubutu, da Away message mai shaida wa mai ƙorafi lokacin da za a amsa mata. A ware wannan lokaci, misali bayan la'asar kullum, kuma a cika alkawarin.

Kada dai a rubuta "kaya in sun fita ba sa dawowa". Dokar kare masu saye ta Najeriya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ke da aibu ko waɗanda suka saɓa da yadda aka siffanta su.

Tambayar da ke raba gardama ita ce: laifin wa? Idan turmin bai cika yadi 6 ba, ko akwai huji, ko an tura wani zane daban, laifin mai sayarwa ne, kuɗin mota zuwa da dawowa a kanta yake. Idan mai saye ce ta sake ra'ayi, sai a yi canji in kayan na nan yadda suke, ita ta biya mota. Na tsakiya shi ne mai wuya, wato kala. Hasken waya yana ƙara wa shuɗi da ja armashi, shi ya sa bidiyon minti ɗaya da aka ɗauka a hasken rana kafin a naɗe kaya, ana buɗe turmin ana nuna tambarinsa, ya fi rantsuwa amfani. Da shi ake gane ko tabon daga shago yake ko a but ɗin mota ya samu.

Mu ɗauki misali. A ce an saro atamfa ₦21,000, an sayar ₦25,000 ga wata a Bauchi, kuɗin mota ₦3,000. Ta buɗe ta ga ɗan tabo a bakin zanen, kuma bidiyon ya nuna da shi aka tura. Idan aka ce ta dawo da shi a aika wani, mota sau biyu ta ci ₦6,000, ribar ₦4,000 ta tafi har an taɓa uwar kuɗi, ga kuma turmi mai tabo da sai an karya farashinsa. Idan aka ce, "Yi haƙuri Hajiya, laifina ne. In rage miki ₦3,000 ki riƙe, ko in canza miki?", sau da yawa za ta zaɓi ragin, tunda tela zai iya kauce wa wurin. Amma zaɓin nata ne. In ta ce canji take so, a canza.

Wajen mayar da kuɗi akwai tarko. A jira kayan su iso hannu a duba su, a tabbatar a cikin manhajar banki cewa kuɗin farko sun shiga da gaske, domin hoton rasit da alat na bogi sun yi yawa. Sannan a mayar ta asusun da aka biya da shi kaɗai. Wanda ya ce a tura wa "ƙanwarsa" a wani asusu, a dakata tukuna.

Kowane ƙorafi a shigar da shi littafi: rana, kaya, dilan da aka saro a wurinsa, direba, abin da aka kashe. Bayan wata biyu ko uku littafin zai nuna ko atamfar dila ɗaya ce ke yawan zuba, ko direba ɗaya ne kayansa ke isa a jiƙe. Jimillar abin da aka kashe kuma, in aka raba ta da yawan turamen da aka sayar, ita ce za a ɗora a kan farashin kowane turmi, a riƙa ware ta gefe don ƙorafin wata mai zuwa.