Takardar Takin Zamani da Hoton da Ya Bar Wayarka

Kafin damina, sakatarorin ƙungiyoyin manoma a Ɗambatta, Bichi da Makoɗa sukan bi ƙauyuka da takardar rajista: suna, unguwa, lambar waya, girman gona, wani lokaci har da NIN. Idan ofishi ya ce a kawo jerin a Excel, sai a ɗauki hoton takardar a ɗora a wani shafin intanet na kyauta da ke mayar da hoto rubutu.

Ba a cikin wayar ake wannan aiki ba. Hoton yana tafiya kwamfutar masu shafin, galibi a ƙasar waje, a can ake karanta shi a dawo da sakamako. Ko sun ce suna gogewa bayan awa biyu, sakatare ba shi da hanyar tabbatarwa. Wasu shafukan ma tarko ne: a watan Maris na 2025 ofishin FBI na Denver ya yi gargaɗin cewa ɓarayi na kafa irinsu don kwashe bayanai. Wanda ya riƙe sunan manomi da ƙauyensu da lambarsa, ya san kuma taki yake jira, kira ɗaya ya ishe shi: "Baba, takinka ya fito, karanto min lambar da ta shigo wayarka." Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin dattijon amana ya bayar. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ma a wuyan mai tattarawa ta ɗora nauyin.

Idan manhajar waya ce ake amfani da ita maimakon shafi, gwajin gane ko tana tura hoton waje mai sauƙi ne. Kashe data, ka gwada manhajar da wata takarda marar sirri. In ta karanta, a wayar take aikin. In ta tsaya, waje take turawa. Sai dai wadda ta karanta ma tana iya turawa idan data ta dawo, haka kuma a duba ko an kunna ajiyar hotuna ta Google Photos, domin ita ma tana tura hoto waje.

A ce takarda ce mai mutum 40. Ba kowane layi lamba daga 1 zuwa 40, a gefen dama. Ninke takardar ta yadda suna da waya da NIN za su koma baya, ka ɗauki hoton lambar layi da girman gona da yawan buhu kaɗai. Wannan za ka ɗora. Sunaye da lambobin waya kuwa ka shigar da hannunka, kana bin lambar layi. Ba asarar lokaci ba ce, tunda na'urar takan rikita 1 da 7 a rubutun hannu, dole dama ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka mayar da gurbin lambobin Text kafin ka fara, in ba haka ba Excel zai cinye sifirin farko, lamba 11 ta koma 10.

In a shagon kwamfuta aka yi aikin, kada ka tafi sai an goge fayil ɗin a gabanka, har daga Recycle Bin da WhatsApp ɗin mai shagon.