Bitar Lissafin WAEC: A Rufe Littafi, A Ɗauki Biro

Duk shekara idan watan Mayu ya ƙarato, za ka ga ɗaliban aji shida na sakandare sun duƙufa kan littafin lissafi suna karanta shi shafi bayan shafi. Mu malamai abin yana damun mu, domin lissafi ba ya zama a kai da kallo. Yaro zai bi misali da ido, ya ga ya gane, amma da zarar an ba shi farar takarda sai hannu ya tsaya.

Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne su fara sanin siffar jarrabawar. A lissafin WAEC, takarda ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓi cikin awa ɗaya da rabi, wato kowace tambaya ba ta kai minti biyu ba. Ta biyu tambayoyi 13 ne, a amsa 10 cikin awa biyu da rabi: biyar na farko dole ne, sai a zaɓi biyar daga sauran takwas. Kusan minti 15 ke nan kowace. Don haka ka ɗauko tambayoyin shekarun baya, ka ajiye agogo a gabanka, ka rufe littafi, ka yi. Kada ka leƙa amsar da ke bayan littafin sai lokaci ya cika.

Ainihin bitar tana farawa ne bayan an duba amsa. Ka ware ƙaramin littafi na kurakurai kaɗai. Ga misali: ɗan kasuwa ya sayi kaya naira 4,000, ya sayar 5,000, ribarsa kashi nawa ce cikin ɗari? Ɗalibi ya samu ribar 1,000 daidai, sai ya raba da 5,000, ya rubuta kashi 20. Amsar kuwa kashi 25 ce, domin da kuɗin saye ake auna riba. Idan ya gyara lambar kawai ya wuce, gobe zai sake faɗawa. Sai ya rubuta dalilin da kalmominsa: na raba da kuɗin sayarwa. Bayan kwana uku ya sake yin tambayar ba tare da dubawa ba, haka kuma bayan mako guda. Wadda ya ci sau biyu a jere ya soke ta. Wadda ta ƙi ciyuwa, ita zai kai wa malami, domin alama ce cewa tushen ne bai zauna ba.

A takarda ta biyu kuma, masu maki suna ba da maki a kan hanyar da aka bi, ba amsar ƙarshe kaɗai ba. Wanda ya rubuta matakansa ya yi tuntuɓe a layin ƙarshe zai tsira da wani abu. Wanda ya danna kwakuleta ya sauke amsa ita kaɗai yana iya rasa makin hanya. Saboda haka ko a gida kake bita, rubuta kowane mataki a layinsa, ka sa naira ko santimita inda ya kamata.