Lissafin Arziki Duk Bayan Wata Uku

Shago cike da kaya ba shi ne arziki ba, domin wataƙila rabin kayan na dila ne. Arzikinka shi ne abin da zai rage idan ka haɗa duk abin da ka mallaka, ka cire bashin da ake bin ka. Yin wannan lissafi duk bayan wata uku ya wadatar. Na kullum gajiyarwa ne, na shekara kuwa sai ɓarna ta yi nisa kafin a lura.

Mu ɗauki misalin mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, a ƙarshen Disambar 2024. Yana da naira 800,000 a banki da aljihu, da kaya na 4,500,000 a kan farashin sari, da bashin 600,000 a hannun abokan ciniki masu biya, da raguna biyu na 300,000. Jimla 6,200,000. Dila yana bin sa 1,500,000. Ya kuma riga ya kwashi adashe, saura zubin 200,000 a kansa. Nan mutane suke yawan kuskure: adashen da ka kwasa, ragowar zubinsa bashi ne, wanda kake zubawa ba ka kwasa ba, ajiya ce. Abin da ya rage masa 4,500,000 ne.

Bai saka kujerun ɗaki da waya da sutura ba, don ba zai sayar ba, idan ma ya sayar a wulaƙance ne. Bai saka gonar gado da ba a raba ba. Sai abin da ya fi ciwo: bashin da ya ba ƙaninsa shekara uku da suka wuce. A ganina, duk bashin da kake jin nauyin tambayarsa, fitar da shi daga lissafi har ranar da ya dawo. Fili ko gida kuwa, a rubuta shi a layi dabam, kada a ɗaga kuɗinsa don maƙwabci ya yi wa nasa tsada.

Karanta sakamakon shi ne ainihin aikin. A Disambar 2023 ɗan kasuwar nan yana da 4,000,000, wato ya ƙaru da kashi 12.5 cikin ɗari. Amma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Kafin ya tsaya inda yake bara, sai ya kai kusan 5,400,000. Naira ta ƙaru, arziki ya ragu. Hanya mai sauƙi ta gane haka ita ce ya tambayi kansa: turmi nawa wannan kuɗi zai saro yau, nawa ya saro bara?

Kada kuma faɗuwar zango ɗaya ta tayar masa da hankali. Hidimar Sallah da kuɗin makaranta sukan ja lissafi ƙasa, don haka a gwada kowane zango da takwaransa na bara. Idan zango uku a jere yawan turame yana raguwa, bashin dila yana hawa, to an fara cin uwar kuɗi.